Mako Takwas Kafin WAEC: Yadda Ake Cin Moriyar Tsofaffin Tambayoyi

Ranar wata Asabar, saura wata biyu a fara jarrabawar WAEC, ɗiyar yayata ta kawo mini littafinta na tsofaffin tambayoyin lissafi, irin wanda ɗalibai ke kira fas kwashin. Littafin ya ci wuya, bangonsa ya ɓalle, kowane shafi ta ja masa layi da jan biro. Ta ce, "Kawu, sau biyu na sauke shi." Na tambaye ta yadda take karanta shi. Ta ce tana karanta tambaya, ta juya baya ta ga yadda aka warware, idan ta gane sai ta wuce ta gaba.

Na karɓi littafin na ajiye a gefena. Na ba ta takardar wata shekara da babu ita a cikinsa, da farar takarda, na ɗora agogo a gabanta. Minti arba'in bai cika ba ta ɗago kai ido ya yi ja, ta ce ta san ta taɓa ganin irin wannan, amma ta rasa ta inda za ta kama.

Yarinyar tana da ƙoƙari. Abin da ya same ta yana samun ɗalibai da yawa: ido ya saba da amsa, hannu bai taɓa yin ta ba. Wanda yake kallon ana tuƙa tuwo kullum zai rantse ya iya, sai ranar da aka miƙa masa muciya. Tsohuwar takardar jarrabawa ma'auni ce, kamar mudun mai awo. Amfaninta shi ne ta gaya wa ɗalibi inda makinsa ke zubewa, sannan wannan bayanin ya tsara masa kwanaki 56 da suka rage.

Mu fara da ƙidayar lokaci, domin nan ne ake yawan yaudarar kai. Ɗalibin da ke zuwa makaranta, ya je Islamiyya, ya yi aikin gida, idan ya sami awa uku a rana na karatun kansa ya yi ƙoƙari. Awa uku, kwana shida a mako, mako takwas, awa 144 ke nan. Mai darussa tara idan ya raba daidai, kowane darasi awa 16 zai samu. Awa 16 ba ta isa a sake karanta littafin shekara uku. Saboda haka rabon ba zai zama daidai-wa-daida ba. Jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit biyar, har da Turanci, da lissafi a yawancin fannoni, sauran kuma su dace da fannin da ɗalibi ke nema. Waɗannan biyar su ne za su ɗauki kaso mafi tsoka, kuma a cikinsu ma wanda ya fi rauni shi ne zai fi cin lokaci, ko da shi ne ɗalibin ya fi ƙi.

Makon farko: a auna

A makon farko ba a karanta sabon abu. Ana zaunawa ne a yi cikakkiyar takarda ɗaya a kowane ɗaya daga cikin manyan darussan, littafi a rufe, waya a ɗaki na gaba, agogo yana tafiya.

Lissafin WAEC takarda biyu ne. Ta farko tambayoyin zaɓi ce, canki-canka, guda 50 cikin awa ɗaya da rabi, maki 50. Ta biyu ita ce ta warwarewa, awa biyu da rabi, maki 100: tambayoyi biyar na dole masu maki 40 a haɗe, sai wasu takwas da ɗalibi zai zaɓi biyar a ciki, masu maki 60. Ɗiyar yayata ta sami 27 a ta farko, 31 a ta biyu. Idan aka haɗa a sauƙaƙe, 58 cikin 150 ke nan, bai kai kashi 40 cikin ɗari ba. A ma'aunin da makarantu suka saba amfani da shi, C6, wato mafi ƙarancin kiredit, daga kashi 50 yake farawa.

Ta so ta yi kuka. Na ce ta bari tukuna, mu nemo maki 92 ɗin da suka ɓata mu ga inda kowanne ya shiga. Muka bi tambaya ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar ta abu guda: me ya hana ki wannan makin? Amsoshin sun kasu gida huɗu. Maki 38 sun tafi ne a batutuwan da ba ta iya ba sam, galibi lissafin da'ira da na alƙibla da nisa. Maki 24 ta san hanya amma ta yi tuntuɓe a tsakiya. Maki 10 ta amsa abin da ba shi aka tambaya ba. Maki 20 kuma na tambayoyin da ta iya ne, lokaci ya ƙare ba ta kai gare su ba.

Mai karatu ya dubi waɗannan alƙaluman da kyau. Fiye da rabin asarar, maki 54, ba ta rashin sani ba ce. Ita kuma maki 17 kawai take nema ta taɓa rabi. Da ta koma ta buɗe littafin aji huɗu daga shafin farko, kamar yadda ta yi niyya, da ta ƙarar da wata guda tana maganin ciwon da ba shi ya fi damun ta ba. Kowane gida cikin huɗun nan maganinsa daban. Rashin sani sai an koma wa littafi da malami. Tuntuɓe sai maimaici da kula. Rashin fahimtar tambaya sai a koyi ja wa umarnin layi kafin a ɗaga biro, domin ga yaranmu da yawa Turancin tambayar ne ke kayar da su kafin lissafin ya zo. Ƙarewar lokaci kuwa agogo ne kaɗai ke maganinsa.

Bari in nuna irin tuntuɓen da nake nufi. Akwai tambaya mai kama da wannan: da'ira ce mai nisan santimita 7 daga tsakiya zuwa baki, an yanki kusurwa mai digiri 60 daga tsakiyarta, a nemo tsawon bakin yankin, a ba da amsa da lamba biyu bayan ɗigo. Ta rubuta hanyar daidai:

60/360 × 2 × 22/7 × 7

Sai ta danna 60/360 a kalkuleta, ta ga 0.1666, ta taƙaita shi zuwa 0.17, ta ninka da 44, ta sami 7.48. Amsar gaskiya 7.33 ce, domin 44 za a raba gida shida. Taƙaitawar da ta yi tun a tsakiyar hanya ita ta kayar da ita. Ga shi kuma ba ta rubuta santimita a ƙarshe ba. Masu duba takardar lissafi suna raba maki ne: akwai na hanya, akwai na amsar da ta fito daidai. A nan za ta tsira da makin hanya, ta rasa na amsa. Wannan rabon yana da wata fuska da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Wanda ya rubuta amsa tsurarta ba tare da nuna aiki ba yana iya tashi a tutar babu ko da amsar daidai ce, wanda kuma ya nuna aikinsa ya kuskure a layin ƙarshe zai kwashi mafi yawan makin. Taƙaita lamba da wuri da mantawa da ma'auni suna cikin kurakuran da rahotannin manyan masu duba takardu na WAEC ke yawan kokawa a kai. Hukumar tana sa waɗannan rahotanni a shafinta na intanet, darasi bayan darasi, kuma abin mamaki ɗalibai kaɗan ne na gani suna leƙa su.

A wannan makon ne kuma ake buɗe littafin kurakurai. Littafin rubutu ne mai shafi arba'in ko sittin. Duk tambayar da aka faɗi, a rubuta shekararta da lambarta, a rubuta dalilin faɗuwar a jimla ɗaya da harshen da ɗalibin yake tunani da shi. Ɗiyar yayata da Hausa take rubuta nata: "Na taƙaita da wuri." "Ban ga an ce a yi amfani da amsar sama ba." Kada a kwafe amsar a ciki. Dalilin barin ta zai zo nan gaba.

Mako na biyu zuwa na biyar: a bi batu, a bar bin shekara

Kafin a ci gaba, a ware takardun shekaru uku na baya-bayan nan a ɓoye su. Kada ɗalibi ya leƙa su ko da wasa. Su ne ma'aunin ƙarshe, kuma takardar da aka riga aka gani ta tashi daga aiki a matsayin ma'auni.

Sauran shekarun, kamar bakwai zuwa goma, sai a shimfiɗa su a yi ƙidaya. A ɗauki babbar takarda, a jera batutuwan manhaja a gefe, duk tambayar da aka ci karo da ita a ja mata sanda a gaban batunta. Aikin yamma ɗaya ne, kuma gara ɗalibin ya yi da hannunsa a kan a ba shi wanda wani ya yi. Zai ga da idonsa cewa a lissafi da wuya shekara ta wuce ba a tambayi ƙididdiga ba, ko awon fili da na cikin mazubi, ko kusurwoyin da'ira, ko zanen giraf. Sai ya ɗora wannan takarda kusa da littafin kurakuransa. Inda batu yake yawan fitowa kuma shi yana yawan faɗuwa a kai, nan ne aikin makonni huɗun nan yake.

Mu mun zaɓi batutuwa takwas, biyu a kowane mako. Ga yadda batu ɗaya yake tafiya. Ranar farko ta karanta shi a littafin aji, ta bi misalai biyu ko uku. Washegari ta tattaro duk tambayoyin da aka yi a kansa cikin shekarun da ke hannunta, ta yi su a jere, littafi a rufe. A nan ne ake ganin amfanin bin batu: idan ka yi tambayar alƙibla guda shida a zama ɗaya, za ka gane cewa riga kawai ake sauya mata. Yau jirgin ruwa ne, gobe mai keke, jibi garuruwa uku, amma zanen farko da za ka yi iri ɗaya ne, kuma wanda zanensa ya karkace tun daga layin arewa, duk abin da ya biyo baya ya karkace. Waɗanda ta faɗi suka shiga littafin kurakurai. Bayan kwana uku ta sake yin su, bayan kwana goma ta ƙara. Dalilin da ya sa ba a kwafe amsa a littafin ke nan: ana so ta sake haƙo hanyar daga kanta. Tambayar da ta ci sau biyu a jere sai ta soke ta da layi.

Akwai batun da muka bari da gangan. Zane da kamfas da rula ba ya shiga kanta, kuma yana cikin ɓangaren zaɓi. Tun da biyar ake zaɓa cikin takwas, ɗalibi yana da damar ya ajiye batu ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka saba fitowa a wannan ɓangare. Amma wannan dabara tana da iyaka. Wanda ya ajiye huɗu ya ɗaure kansa, ranar jarrabawa ba shi da zaɓi, sai abin da takarda ta ba shi.

Turanci nasa salon daban ne, kuma a nan littafin tsofaffin tambayoyi shi kaɗai ba ya wadatarwa. Takardar rubutu ta WAEC awa biyu ce: insha'i na kalmomi kimanin 450 mai maki 50, sai fahimtar nassi, sai taƙaitawa. Makin insha'in kashi huɗu ne, abin da aka faɗa, tsarinsa, ingancin harshe, da tsabtar rubutu, wato nahawu da ƙa'idar haruffa da alamomi. Ingancin harshe shi ne mai kaso mafi girma. A ɓangaren tsabtar rubutu kuma, mai maki 10, rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskure, don haka kuskure ashirin ya share shi kaf. Ɗalibi ba ya iya ganin kuskuren nahawunsa da kansa, da yana gani da bai yi ba. Dole a nemi malami ko wani yaya da ya iya, ya duba insha'i ɗaya a mako da jan biro. Karanta insha'in da aka buga a bayan littafi a haddace shi kuwa ɓata lokaci ne, mai dubawa yana gane haddar da aka cusa wa tambayar da ba tata ba. A taƙaitawa, babban abin da za a saba da shi shi ne rubuta amsa cikin cikakkiyar jimla, da kalmomin ɗalibin kansa, domin kwaso jimlar nassi yadda take yana jawo asarar maki.

Wata 'yar magana a kan littattafan kasuwa. Da yawansu suna da amfani, amma amsoshin da ke bayansu masu buga littafin ne suka yi su, kuma akan sami kuskure, wani na lissafi, wani na ɗab'i. Na taɓa samun ɗiyar yayata ta shafe kusan awa guda tana ƙoƙarin tilasta wa aikinta ya kai ga amsar littafi, alhali ita ce mai gaskiya. Ƙa'idar da na ba ta ita ce, idan ta yi sau biyu a natse ta sami abu ɗaya, ta sa alama ta kai wa malaminta. Haka kuma a kula da shekaru. Littattafan adabi, na Turanci da na Hausa, ana sauya su bayan 'yan shekaru, saboda haka tambayar da aka yi a kan littafin da aka cire ba ta da amfani sai don ganin salon tambaya. A karɓi jerin littattafan bana da manhajar bana daga makaranta kafin a fara. A tambayi makarantar kuma ko wani ɓangare na jarrabawar a na'ura za a yi shi, domin tun 2024 WAEC ta fara amfani da kwamfuta a jarrabawar masu zaman kansu. Aikin ɗakin gwaji shi ma ba ya koyuwa a takarda. Ɗalibin kimiyya yana iya sabawa da yadda ake zana jadawalin sakamako da giraf daga tsofaffin tambayoyi, amma riƙe kwalaben awo sai ya riƙe su da hannunsa.

Mako na shida da na bakwai: agogo

Yanzu ne ake fito da takardun da aka ɓoye. Kowace a yi ta cikakkiya, a zaune kan kujera, da irin kalkuletar da za a shiga da ita, kuma in da hali a irin lokacin da za a rubuta ta ainihi. Wanda ya saba karatu bayan sallar asuba cikin sanyi, ya kamata ya ɗanɗana yin lissafi da rana tsaka cikin zafin Afrilu, domin zauren jarrabawa ba ya zaɓar wa kowa yanayi.

Lissafin lokacin mai sauƙi ne. Minti 150 ga maki 100, kowane maki minti ɗaya da rabi. Tambayar dole mai maki 8 ta ci minti 12, ta zaɓi mai maki 12 ta ci minti 18. Amma haka ba ya barin ko minti ɗaya na dubawa, shi ya sa muka rage zuwa 10 da 16, aka sami rarar minti 20. Doka ɗaya na kafa mata: lokacin tambaya ya cika, ta bar fili ta wuce. Makin farko na sabuwar tambaya ya fi sauƙin samu a kan makin ƙarshe na wadda ta cije. Ta sha wuya kafin ta yarda da wannan, domin ɗalibi mai ƙoƙari yana jin kunyar barin aiki a rabi. A takardar zaɓi kuwa, minti 90 ga tambaya 50 bai kai minti biyu ga kowace ba, don haka zagaye biyu ake yi, a kwashe masu sauƙi tukuna.

A mako na shida ta sami 79, a na bakwai 86. Abin da na fi dubawa shi ne yadda gidajen nan huɗu suka sauya. Gidan ƙarewar lokaci ya kusa zama fanko, na tuntuɓe ya ragu da rabi, na rashin sani kuwa ya ragu amma bai tafi ba, kuma ban sa ran zai tafi cikin wata biyu ba. Akwai alamar da ke nuna shiri ya karkace: idan maki yana hawa a takardun da aka taɓa yi, amma sabuwar takarda ta mayar da ɗalibi inda ya fara, to hadda yake yi. Sai a koma wa batutuwan, a nemo tambayoyin da bai taɓa gani ba. Takardun NECO suna da amfani a nan, tun da manhajar kusan ɗaya ce kuma yawancin ɗalibanmu duka biyun suke rubutawa, NECO tana biyo bayan WAEC. Sai dai a lura, zaɓin amsa a NECO biyar ne, a WAEC huɗu, kuma yawan tambayoyi da lokacinsu sun bambanta, don haka kowace a yi ta da nata agogon.

Mako na takwas gajere ne a bayani. Ba sabon batu, ba sabuwar takarda. Littafin kurakurai kawai, waɗanda ba a soke ba. A manna jadawalin jarrabawar a bango, domin WAEC ba rana ɗaya ake yin ta ba, makonni take ɗauka, kuma darasin da zai zo a ƙarshe yana da sauran kwanakin bita a tsakani, wanda zai zo a farko ba shi da su. A daidai wannan lokacin ne kuma masu sayar da ekspo ke yawaita a waya, suna cewa takardar bana ta fita. Wanda ya bi su ya yi asarar kuɗinsa da daren da ya kamata ya yi barci, in kuma an kama shi da ita a zaure, sakamakonsa ne za a riƙe ko a soke.

Ga iyaye da yayye, akwai aikin da ba ya bukatar ku iya lissafi. Ranar da ɗiyar yayata za ta yi cikakkiyar takarda, mahaifiyarta ce ke riƙe agogo, ta hana ƙanne shiga ɗakin, ta ɗauke mata wanke-wanke da aike har awa biyu da rabi su cika. Sau ɗaya ko biyu a mako ne kawai. Ku yi wa naku haka, musamman 'yan mata, waɗanda da wuya su yi minti talatin a zaune ba a ƙwala musu kira ba.